Sabon Burodi, Tsofaffin Masu Saye: Asarar da Ba Ta da Rasit

Idan kamfani zai fito da sabon kaya ko zai buɗe sabon reshe, takardar lissafin da ake kawo wa masu jari kusan kamarta ɗaya ce a ko'ina. A sama an rubuta kuɗin inji da na gini. A tsakiya an jera albashi, wuta, man dizal da kayan haɗi. A ƙasa kuma ga cinikin da ake sa ran yi kowace shekara. A cire wannan daga wancan, riba ta fito, kowa ya gyaɗa kai.

Akwai abubuwa biyu da ba kasafai suke shiga wannan takarda ba, saboda babu wanda zai kawo rasit ɗinsu. Na farko shi ne abin da kadarar kamfani za ta iya samowa a wani wuri da ba a ɗaure ta a sabon aikin ba. Na biyu shi ne cinikin da tsohon kaya zai rasa idan masu sayensa suka koma wa sabon. Dukansu kuɗi ne na gaske, kuma sau da yawa su ne suke raba aikin da zai ƙara wa kamfani arziki da wanda zai rage shi alhali ana ganin ciniki yana ta tafiya.

Masana harkar kuɗin kamfanoni suna da ƙa'ida ɗaya da suke auna sabon aiki da ita. Ana kwatanta hali biyu ne: kuɗin da zai shiga asusun kamfanin gaba ɗaya idan aka yi aikin, da kuɗin da zai shiga idan ba a yi ba. Bambancin da ke tsakaninsu shi kaɗai ne na aikin. A lura da kalmar "gaba ɗaya". Ba asusun sabon sashe kaɗai ake dubawa ba, har da na tsoffin sassa, har da kuɗin hayar da za a daina karɓa.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Alkaluman ƙirƙirarsu aka yi don a ga yadda lissafin yake tafiya, ba na wani kamfani ba ne.

A ce akwai gidan burodi a Sharaɗa da ke Kano. Yana sayar da burodi 2,000 kowace rana, kowanne naira 1,000. Fulawa, sukari, yis, bota, leda da man gashi na kowane burodi suna cin naira 750, saura naira 250. Daga wannan 250 ɗin ake biyan albashi da sauran kuɗaɗen da ba sa canjawa, abin da ya rage ya zama riba.

Manajan ya kawo shawara a fito da yankakken burodi mai madara, a sayar naira 1,500. Kayan haɗinsa naira 1,100, saura naira 400. Ana sa ran sayar da 1,000 a rana, kwana 300 a shekara, wato burodi 300,000, wanda zai bar naira miliyan 120. Sababbin ma'aikata, gyaran inji da talla za su ci miliyan 30. Saura miliyan 90 kowace shekara. Sabon tanda da injin yanka za su ci miliyan 200, kuma ana ganin za su yi aikin shekara 5 kafin su gaji.

Kuɗin baɗi ba daidai yake da kuɗin bana ba, don haka sai an dawo da kuɗin kowace shekara zuwa ƙimarsa ta yau. A ce mai gidan burodin zai iya samun ribar kashi 25 cikin 100 a shekara idan ya sa jarinsa a wata harka mai kasada irin wannan. To, naira 100 da za ta zo baɗi daidai take da naira 80 a hannu yau, wadda za ta zo baɗin waccan kuma daidai take da naira 64. Idan aka bi haka har shekara 5 aka tara, kowace naira ɗaya da ke shigowa duk shekara ta zama naira 2.69 a yau. Ko wannan kashi 25 ɗin ma, idan aka duba, damar da aka bari ce: ribar da jarin zai samu a wani wuri.

Miliyan 90 sau 2.69 ya ba da kusan miliyan 242. An zuba 200, an samu 242, rarar miliyan 42. A takarda aikin ya ci.

Sito da ba kowa a ciki

Ina za a kafa sabon tandan? Manajan ya ce akwai sito a bayan masana'anta wanda yake kulle tun bara. "Ai namu ne, ko kwabo ba za mu biya ba." Gaskiya ne ba za a biya kowa ba. Amma wani ɗan kasuwa da ke neman wurin ajiye buhunan shinkafa ya riga ya yi tayin haya, naira miliyan 10 a shekara. Idan ba a yi sabon burodi ba, miliyan 10 za ta shiga asusu. Idan aka yi, ba za ta shiga ba. Saboda haka sabon burodin ya ci miliyan 10 kowace shekara, daidai da a ce hayar wani sito aka kama.

A nan mutane sukan ruɗe ta hanyoyi da yawa. Wani zai je ya ɗauko tsohon littafi ya ce an gina siton da miliyan 8 shekaru goma sha da suka wuce, don haka a sa wannan. Kuɗin gini ya riga ya tafi, ko a yi burodi ko kar a yi ba zai dawo ba, don haka ba shi da gurbi a lissafin. Haka ma ƙimar da akanta ya rubuta bayan ya rage kuɗin tsufa. Abin dubawa shi ne nawa kasuwa za ta biya yau.

Wani kuma zai yi zurfin da ya wuce kima, ya sa kuɗin haya, ya kuma sa kuɗin da za a samu da an sayar da siton. Ba a yin duka biyu a lokaci ɗaya. Ko dai a ba da haya ko a sayar, kuma wanda ya fi tsoka a cikinsu shi ne damar da aka bari. Idan sayarwa ce ta fi, sai a rubuta farashin yau a matsayin kuɗin da aka zuba a farkon aiki, sannan a rubuta abin da siton zai kai bayan shekara 5 a matsayin kuɗin da zai dawo, tunda ginin yana nan bai tafi ko'ina ba. Idan kuwa siton a tsakiyar masana'anta yake, ba shi da ƙofar waje, babu mai iya kama shi haya, kuma babu wani aiki da za a yi da shi, to damar da aka bari sifili ce, a nan manajan yana da gaskiya. Sharaɗin shi ne damar ta zama ta haƙiƙa, wadda akwai mai biya.

Wanda ya fi wuyar gani shi ne abin da ake kira rarar wuri. Motar raba burodi tana fita da rabin cikinta a buɗe, sai a ce sabon burodi zai bi ta kyauta. Bana kam kyauta ne. Amma idan cinikin tsohon burodi yana ƙaruwa, kuma da ma sai bayan shekara 4 motar za ta cika a sayi ta biyu, sabon burodi zai cika ta a shekara ta 2. Ba dukan kuɗin sabuwar motar za a ɗora wa aikin ba, tunda da ma za a saye ta. Abin da za a ɗora masa shi ne tsadar matso da sayen gaba da shekara biyu, wato bambancin ƙimar yau tsakanin biya a shekara ta 2 da biya a shekara ta 4. Haka ake yi wa janareta, rijiyar burtsatse, har da lokacin ƙwararren mai gashi da za a janye daga tsohon layi.

Akasin wannan shi ne al'adar wasu akantoci ta raba kuɗin ofis a kan kowane sashe: albashin mai gadi, na sakatare, kuɗin fentin gini. Idan waɗannan ba za su ƙaru ba saboda sabon burodi, ba nasa ba ne, ko da littafin kamfani ya yanka masa kaso.

Su wa za su sayi sabon burodin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma ita aka fi gudu. An ce za a sayar da 1,000 a rana. Daga ina mutum dubun nan za su fito? Wasu daga masu sayen burodin wasu gidaje, kuma waɗannan ƙari ne na gaske. Wasu da ma ba sa sayen burodi sosai, sabon ya ja hankalinsu, su ma ƙari ne. Amma wasu tsofaffin abokan ciniki ne, waɗanda jiya suka ɗauki na naira 1,000, yau suka ga sabo a kanta ɗaya, da tambari ɗaya, suka ɗauke shi a maimakonsa. Game da waɗannan, kamfani ya ciro kuɗi daga aljihun dama ne ya sa a na hagu, sai ɗan abin da ya hau kai.

A ce cikin dubun nan, 400 tsofaffin masu saye ne. Nawa aka rasa? Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki farashin sayarwa: 400 sau naira 1,000 sau kwana 300, miliyan 120. Wannan ya yi yawa ƙwarai, domin burodin da ba a gasa ba bai ci fulawa ba, bai ci sukari ba. Abin da aka rasa shi ne naira 250 da kowanne yake bari bayan kayan haɗi. Wato 400 sau 250 sau 300, miliyan 30 a shekara. Kuma kada a rage wannan da sunan albashin tsohon layi zai sauka, sai dai in da gaske za a rufe aikin dare ko a sallami wasu. Ma'aikatan da ke gasa 2,000 galibi su ne dai za su gasa 1,600.

Yanzu a sake lissafi. Miliyan 90, a cire 10 ta sito, a cire 30 ta tsohon burodi, saura miliyan 50. Sau 2.69 ya ba da miliyan 134.5. An zuba 200, an samu 134.5. Rarar miliyan 42 ta koma giɓin miliyan 65.5, alhali ba a taɓa farashi ko yawan cinikin sabon burodin ba.

Abin takaici shi ne, in aka yi aikin a haka, littafin sabon sashe zai riƙa nuna miliyan 90 duk shekara, a yaba wa manajansa. Shi kuwa mai kula da tsohon burodi a riƙa kiransa ana tambayarsa dalilin da ya sa cinikinsa ya faɗi. Shi ya sa bai kamata a bar wanda ya kawo shawarar aiki ya zama shi kaɗai zai ƙiyasta wannan asara ba. Ba sai ya yi ƙarya ba, ya isa kawai ya ƙi yin tambayar.

An ajiye haraji da hauhawar farashi a gefe ne don lissafin ya yi sauƙin bi. A aikin gaske duk alkaluman bayan haraji ake ɗaukarsu, har da waɗannan biyun. Idan harajin riba kashi 30 ne, hayar miliyan 10 da aka bari miliyan 7 ce, asarar miliyan 30 kuma miliyan 21 ce, domin da an same su da hukuma ta karɓi nata. Idan kuma an ɗaga farashin sabon burodi shekara bayan shekara a takarda, dole a ɗaga kuɗin haya da ribar tsohon burodi su ma.

Amma fa akwai maƙwabci

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce duk kamfani mai kayan da ke tafiya ya zauna kawai kada ya taɓa komai. Ƙa'idar kwatanta hali biyu ba ta yarda da haka ba. Halin "ba a yi aikin ba" ba yana nufin kasuwa za ta tsaya cak yadda take yau ba. Idan wani gidan burodi a Bompai ya riga ya yi odar injin yanka, kuma zai shigo da irin wannan burodi nan da wata shida, mutanen nan 400 masu sha'awar yankakke za su tafi ko an yi ko ba a yi ba. Asarar da za ta auku ko ta halin ƙaƙa ba ta aikin ba ce, ba a ɗora masa ita.

Kamfanin Kodak na birnin Rochester a Amurka shi ne misalin da aka fi kawowa. A 1975 wani injiniyansa, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital, wadda take ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kan kaset. A lokacin ribar kamfanin daga fim da takardar hoto da sinadaran wanki take fitowa, kuma kowace kyamarar da ba ta buƙatar fim barazana ce ga wannan riba. Kamfanin ya yi jan ƙafa, kamfanonin Japan irin su Sony da Canon kuwa ba su da fim ɗin da za su ji tsoron kashewa. A Janairun 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. Sai dai adalci a faɗa cewa labarin bai kai sauƙin yadda ake ba da shi ba. Kodak ya shiga kasuwar dijital daga baya, har ya kasance a sahun gaba a Amurka wajen 2005, amma ribar kyamara ba ta taɓa kusantar ribar fim ba. Asarar da ya ji tsoro ta gaske ce. Inda lissafin ya karkace shi ne zaton cewa jinkirinsa zai hana ta zuwa.

Apple ya bi ɗaya hanyar. Ya fito da iPod a 2001, ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsa. A 2007 ya fito da iPhone, wayar da ke yin duk abin da iPod yake yi. Kafin nan Nokia da Sony Ericsson sun riga sun fara sayar da wayoyi masu kunna waƙa, don haka kasuwar iPod tana kan hanyar zaizayewa ko da Apple bai motsa ba. Cinikin iPod ya riƙa raguwa har aka daina yin sa a 2022, amma masu sayen ba su bar gidan ba.

Mu koma Sharaɗa. Idan aka tabbata dukan mutum 400 za su koma wa maƙwabci, abin cirewa hayar sito ce kaɗai. Saura miliyan 80, sau 2.69, miliyan 215, rarar miliyan 15. Idan 300 ne za su tafi, 100 kuwa da za su zauna a kan tsohon burodi, asarar aikin miliyan 7.5 ce, saura 72.5, ƙimarsa ta yau miliyan 195, giɓin miliyan 5. Ga shi dai aiki ɗaya, amma hukuncinsa ya rataya a kan abin da wani zai yi.

A ganina wannan hujja ta maƙwabci ita ce aka fi cin zarafinta a ɗakunan taro. Da zarar an nuna wa mai shawara giɓi, sai ya ce ai in ba mu yi ba wani zai yi. Wani wa? Yana da jarin? Yana da dillalai a unguwannin da muke kai kaya? Inda shiga kasuwa ke da sauƙi, kamar burodi ko ruwan leda, hujjar tana da ƙarfi. Inda kamfani yake da abin da ya kange shi daga kishiyoyi, kamar lasisi mai wuyar samu, ko haƙƙin mallakar fasaha, ko masana'antar da sai an yi shekaru ana gini, tsohon ciniki zai daɗe, kuma asarar da aka jawo masa da hannu ta cancanci a lissafa ta cikakkiya. Sau da yawa ma amsar a tsakiya take: a sa asarar duka a shekara ta farko da ta biyu, a riƙa rage ta daga lokacin da ake ganin kishiya zai shigo.

Yadda ake gano adadin

Ba a samun wannan adadi da zaman ofis. Hanyar da ta fi inganci ita ce gwaji kafin a sayi inji. A gasa sabon burodin kaɗan da tandan da ake da shi, a yanka da ƙaramin inji ko a ba wani kwangilar yankan, a kai shi kantuna ashirin. A ware wasu kantuna ashirin masu kama da su, a unguwanni masu kama da juna, kada a kai musu. Sannan a riƙa rubuta cinikin tsohon burodi a duka ɓangarorin biyu.

Amfanin rukuni na biyu shi ne ya tace abin da ba ruwan sabon burodi a ciki. Cinikin burodi yana motsi da azumi, da sanyin hunturu lokacin da teburin mai shayi ke cika, da hutun makarantu, da ƙarshen wata. Idan tsohon burodi ya ragu da guda 50 a kantunan gwaji, ya kuma ragu da 10 a waɗanda ba a kai wa sabo ba, to 40 ne na sabon burodi. Idan a wannan lokaci an sayar da sabo guda 100, kashi 40 cikin 100 na cinikinsa daga gida ya ci.

Makonnin farko suna yaudara, domin ɗokin sabon abu yana sa mutum ya sayi duka biyun ya ɗanɗana. Sai an bari ɗoki ya kwanta ake ganin inda mai saye ya tsaya. A kuma duba girma: idan yankakken ya fi girma har yana isar iyali kwana biyu, guda ɗaya zai iya kashe tsohon burodi ɗaya da rabi. Mai kanti ma yana da nasa tasiri, domin wurin ajiyarsa da jarinsa ba su ƙaru ba, idan ya karɓi sabo ashirin yakan rage odar tsoho tun kafin masu saye su ce komai. Burodin da ake dawowa da shi ya kwana shi ma shaida ne, in ya ƙaru a ɓangaren tsoho.

Tasirin ba kullum asara yake ba. Idan sabon burodin ya buɗe ƙofar manyan kantuna da otal-otal waɗanda da ba sa karɓar kayan gidan, kuma suka fara karɓar kek da cincin tare da shi, wannan riba ta aikin ce, a ƙara ta da irin ma'aunin da aka cire asara, wato abin da ya rage bayan kayan haɗi.

Ga mai gidan burodinmu, akwai adadi ɗaya da ya kamata ya riƙe kafin ya shiga gwaji. Don jarin miliyan 200 ya dawo da ribarsa ta kashi 25, aikin yana buƙatar ya bar kusan miliyan 74.4 duk shekara. Bayan hayar sito yana da 80. Saboda haka abin da zai iya jurewa na asarar tsohon burodi bai wuce miliyan 5.6 ba, wato burodi 75 kacal a rana daga cikin waɗanda da za su zauna. In gwaji ya nuna 400, kuma babu tabbacin kishiya na tafe, kada ya sayi tandan a wannan farashi. Ko ya nemi ƙaramin inji, ko ya ƙara kuɗin sabon burodin, ko ya kai shi unguwannin da tsohon bai taɓa shiga ba, siton kuma ya ba mai shinkafa haya.